Rahoton Ayyukan Shekara na Sashen Sautin Wasan Kwaikwayon Rediyo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na cikin azumi.

Taskar sautukan da muka yi alkawari ba ta kammala ba, kuma kada a ɗora wa kwamiti laifi. Rikoda ɗaya gare mu, makirfonta ya lalace tun damina, kuɗin wata kuma sai na bi mutum har gida. Mun samu ɗaukar hayaniyar kasuwa da ruwan sama a kan kwano. Tashar mota da gidan biki suna nan suna jira.

Abin da ya faranta mana rai shi ne bitar rubuta takardar sauti. Mun ɗauki fitowa guda, inda ake kawo wa uwa labarin rasuwar ɗanta, muka ja layi huɗu: lokaci, magana, sauti, umarni. Daga 00:00 tsakar gida ce, ana daka, kaji na kai-komo. A 00:40 kiɗa ya shigo a ƙarƙashin hira, ƙasa da murya da kamar desibel 18. Da farko sarewa muka sa, sai ta riƙa cin muryar uwar, domin amonsu na zaune wuri ɗaya. A lasifikar kunne ba a lura, amma da muka kunna a ƙaramar rediyo kalmomi suka ɓace. Muka musanya da gurmi, wanda ke barin rata tsakanin bugu da bugu.

A 01:10 aka yi sallama a zaure, muka rubuta gurmi ya hau a hankali cikin daƙiƙa huɗu, a wurin da babu mai magana. Ɗan aike na cewa "Inna, sai haƙuri", kiɗa ya yanke tsaf, taɓarya ma ta tsaya.

A nan muka fara yin kuskure. Mun share komai har daƙiƙa shida, da muka kunna a wurin bitar sai wani dattijo a baya ya tashi zai duba wayar lasifika, a zatonsa ta mutu. Mai sauraro a gida shi ma tashar zai canza. Muka gyara umarnin: shiru daƙiƙa uku, amma iskar gidan da kaji su ci gaba, sannan salatin uwar ya fito shi kaɗai, ba kiɗa. Da aka sake kunnawa, ba wanda ya motsa a wurin bitar. Shi ya sa yanzu kowace ɗauka sai an tsaya minti ɗaya an naɗi iskar wurin, kowa baki a rufe.

Masu ce mana "a sa kiɗan tausayi kawai" ba su zo ba, kamar kullum, amma sunansu na farko a jerin neman aiki.

Gyaran makirfo na jiran bashin da ke kanku. Ma'aji na karɓa kafin taro mai zuwa, kuma wannan karon za a karanto sunaye.

Sakatare