Layin Shenton bai yanke ba, amma ƙashin ya karye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na kiwon lafiya na makon jiya ya ɓata mini rai matuƙa. Baƙonku ya ce muddin layin Shenton bai yanke ba a hoton ƙugu, ƙafa kuma ba ta gajarce ba, to kwatangwalo lafiya lau. Irin wannan maganar ce ta kai mahaifiyata ɗakin tiyata, ni kuwa shekara 16 ina aikin ɗaukar hoton ƙashi.

Ban ce layin banza ba ne. In ka bi gefen ƙasa na wuyan ƙashin cinya da ɗan yatsa, za ka ga ya lanƙwasa kamar baka, ya haɗe da bakin sama na wani rami da ke gaban ƙashin ƙugu; wannan bakan shi ne layin Shenton. Idan wuyan ya karye ya goce, tsoka takan ja ƙashin cinya sama, sai bakan ya tsinke, ƙafar ta gajarce, tafinta ya kwanta waje. Wannan ko ɗalibi zai gane. Amma fa alamar karayar da ta riga ta goce ce.

Hajiya ta zame ta faɗi, ta tashi tana ɗingishi, tana cewa matsematsinta ke ciwo. Ina wani gari a lokacin. Aka yi mata hoto ɗaya tak, na gaba, aka ce layi daidai, ƙafafu daidai, buguwa ce, a ba ta maganin ciwo. Bayan kwana 8 ta miƙe daga kan gado, ƙafar ta ƙi ɗaukarta.

Da na iso na ɗaga hoton farko, wallahi karayar tana nan. Kan ƙashin ya cushe cikin wuyansa, shi ya sa bakan bai motsa ba. Sai wani siririn farin zare da ya ratsa wuyan, kuma 'yan zane-zanen cikin ƙashin sun karkace a daidai nan, saɓanin ɗaya ɓarayin. Da an gani ran nan, mai yiwuwa kusoshi kawai za a ɗaure shi da su. Da ya goce kuwa, sai da aka cire kan ƙashin aka sa na ƙarfe, domin hanyoyin jinin da ke ciyar da shi ta wuyan nan suke bi.

Me ya hana baƙon naku cewa a ɗauki hoton gefe? Me ya hana shi cewa tsohon da ya faɗi, kwatangwalo na ciwo in an juya ƙafar, ko hoto ya fito fes sai a yi hoton MRI mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, in babu a yi hoton CT?

Sannan don Allah ku rage tallan da kuke yanke shirin da shi. Sau uku kuka katse mai tambaya a waya.

Naku,
Wani mai sauraro