Godiya ga ofishin gyaran rubutu da ya daidaita mini takardar ajiye aiki

Assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara shida ina aiki a ɗakin haihuwa. Da na samu gurbin ƙaro karatu, sai na rubuta takardar ajiye aiki har shafi biyu, na kawo muku don a buga mini kawai. Ina so in gode muku a bainar jama'a, domin ba ku buga ta yadda na kawo ba.

Malamar da ta karɓe ni ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Malama, aikin za ki bari gaba ɗaya, ko hutun karatu kike nema?" Na yi shiru. Ashe a duk shafukan nan babu inda na fito fili na ce na ajiye aiki. Abin da na yi ta maimaitawa shi ne zan tafi karatu, ina neman amincewa. Ta nuna mini cewa sashen ma'aikata zai iya ɗaukar wannan a matsayin neman hutu, a bar sunana cikin jadawalin aiki, in ban zo ba a rubuta ni cikin masu fashin aiki. Wannan tambayar kaɗai ta cece ni.

Sai ta ce in duba takardar ɗaukata aiki. Sanarwar wata guda aka gindaya. Tun da ranar 1 ga Yuli zan miƙa, muka rubuta 31 ga Yuli a matsayin ranata ta ƙarshe, maimakon "nan ba da jimawa ba" da na sa.

Akwai sakin layin da na zuba ƙorafi kan yawan aikin dare. Gaskiya ya yi mini wuyar cirewa, don abin ya ci mini rai. Cikin ladabi ta tuna mini cewa takardar za ta zauna a fayil ɗina, kuma wannan asibitin ne wata rana zai ba da shaida a kaina. Na yarda aka cire.

Abin da ya rage bai kai rabin shafi ba. An aika wa shugaban asibiti ta hannun shugabar ma'aikatan jinya. Jimlar farko ta faɗi ajiye aikin da ranarsa, ta biyu ta faɗi dalili, sai godiya kan abin da na koya a ɗakin haihuwa, da alkawarin miƙa ragamar aikina kafin in tafi. A ƙasa, sunana da lambar aikina da sa hannu.

Ta buga kwafi biyu, ta ce in tabbata an buga wa nawa hatimin karɓa. Haka na yi, kuma shugabarmu ta sa hannu a ranar, ta yi mini addu'a.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ofishinku albarka.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya