Amsa ga Alhaji, tsohon ma'ajinmu, kan sanarwar share tsofaffin fayiloli da saƙonni

"Malam mai kula da zaure, ka sanar da mu a layi uku cewa mako mai zuwa za ka share tsofaffin fayiloli da saƙonni. Wa ya ba ka izini, kuma me ya sa mako ɗaya tak? Ko dai rasit ɗin kuɗin gyaran ajujuwa ne ake so su ɓace kafin taron lissafi? Ka amsa a gaban kowa."

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe. Tun da a gaban kowa ka nemi amsa, a gaban kowa zan ba ka ita, ko da yake shagonka na kasuwar Dole bai fi tafiyar minti goma daga inda nake aiki ba, kuma lambata tana cikin wayarka tun kafin a buɗe wannan zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Zan fara da maganar rasit, domin ita ce ta hana ni barci.

Da a ce ina da abin ɓoyewa, da na zaɓi hanyar da ta fi kowace rashin amfani. Saƙonnin WhatsApp suna zaune ne a cikin wayar kowane ɗan zaure, ba su taru a wani rumbu guda da mai kula yake riƙe da mabuɗinsa ba. Ikon da aka ba mai kula na goge saƙon wani daga wayoyin jama'a baki ɗaya yana ƙarewa bayan kimanin kwana biyu da aiko saƙon, kuma ko ya goge a cikin wannan wa'adi, alama tana fitowa a gurbin saƙon ta nuna wanda ya yi gogewar. Rasit ɗin da kake magana a kai sun fi shekara a zaure. Hoton kowane ɗaya daga cikinsu, na siminti da na kwanon rufi da na ladan magina, yana cikin wayarka da wayoyin mutum fiye da ɗari, kuma babu wani maɓalli a hannuna da zai kai gare su. Saƙonnin da na ce zan share su ne na cikin wayar ƙungiya kaɗai, wadda take hannuna, kuma sharewar ba za ta taɓa ko harafi ɗaya a wayar wani ba.

Abin da zai shafi kowa shi ne ma'ajiyar fayilolinmu ta Google Drive, kuma dalilin taɓa ta lissafi ne mai sauƙi. Asusun kyauta yana da gurbin jiga 15, wanda Drive da Gmail da hotuna suke rabawa a tsakaninsu, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin wannan ƙidaya. Da na duba namu ranar Lahadi, mun ci jiga 14.4. Kusan jiga 9 bidiyoyin biki ne da suna da walima, waɗanda ƴan'uwa suka riƙa roƙona in ɗora musu, ni kuwa kunya ta hana ni cewa a'a. Jiga 4 ajiyar wayar ƙungiya ce, akasarinta saƙonnin murya da hotunan gaisuwar Juma'a. Duk takardunmu na gaske, wato rasit 37 na jika 450 da aka tara, da jerin sunayen waɗanda suka biya, da rahotannin taro, ba su cika rubu'in jiga ɗaya ba. Ranar da gurbin ya cika, ba za a iya ɗora sabon fayil ba, ajiyar wayar za ta tsaya, kuma akwatin wasiƙunmu zai daina karɓar saƙo, alhali ta nan ne muke jiran amsar takardar neman tallafi da muka aika. Ka gani ke nan, Alhaji, rawar ango ce ta cika ɗakin, kuma ita za a fitar.

Su kuwa rasit ɗin, kafin in rubuta sanarwar sai da na ware su a jaka ta dabam wadda sharewar ba za ta shafa ba, na kwafe su a katin ajiya, sannan na je wani shagon gurza takardu a Zongo na buga su duka da kuɗin aljihuna. Suna cikin ambulan a hannun shugaban ƙungiya, kowane da lambarsa a kusurwa da jan biro, daga 1 zuwa 37. Wanda ya karɓi littafin ma'aji daga hannunka shekara uku da suka wuce, ya tarar da shafuka biyu na watan azumi sun yage, ya koyi ajiye takarda a wuri uku. A lokacin ban tambaye ka a gaban kowa ba. Na ɗauka ruwan damina ne ya taɓa littafin, kuma har yau a kan haka nake.

Izinin da ka tambaya yana cikin rahoton taron da ya gabata, wanda ka bari tun kafin a kai ga wannan batu. Game da gajartar sanarwar kuwa, na karɓi laifi, domin layi uku ba su isa su bambanta wayar ƙungiya da wayoyin jama'a ba.

Mako ɗayan ma ba shi ne ƙarshen wa'adi ba. Fayil ɗin da aka goge a Drive yana komawa kwandon shara, wanda a wayoyinmu na Faransanci ake rubuta Corbeille, ya yi kwana 30 a ciki kafin ya ɓace gaba ɗaya. Muddin yana cikin kwandon yana ci gaba da cin gurbi, saboda haka da a ce sauri nake so, da na zubar da kwandon a ranar. Ba zan zubar ba. Duk wanda ya tuna da bidiyon bikinsa a cikin wannan wata ya gaya mini in maido masa, amma bayan kwana 30 babu abin da zan iya yi masa.

Akwai haɗari guda na gaske da ya kamata ƴan'uwa su kula da shi kafin ranar Asabar. Wanda ya hana wayarsa sauke hotuna da kanta domin tattalin kuɗin intanet, abin da yake gani a zaure hoto ne mai dishi-dishi da kibiya a tsakiyarsa, kuma wannan yana nufin hoton bai shiga wayarsa ba. Idan ya daɗe, sai ya taɓa kibiyar wayar ta ce masa ya nemi mai aikowa ya sake turowa. Yawancin takardunmu daga wayar ƙungiya aka aiko su, don haka mai irin wannan hoto ya yi magana yanzu. Mai son tarihin hirar kuma ya shiga zauren, ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya nemi wurin fitar da hira. Wayar za ta ba shi fayil na rubutu mai ɗauke da rana da sa'a da sunan mai kowace magana, har saƙo 40,000 na baya-bayan nan idan babu hotuna, ko 10,000 idan da su. Ni na riga na fitar da nawa, kuma tambayarka tana ciki da sa'ar da ka aiko ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shekara uku ina wannan aiki ba da ladan ko dala ba, ina cire tallar maganin basir da saƙonnin "tura wa mutum goma" da tsakar dare, babu wanda ya taɓa tambayar yadda ma'ajiyar take tafiya, sai yanzu da zaɓen sabon kwamiti ya rage wata guda aka gano cewa amana tana cikin haɗari. Ranar Asabar bayan la'asar zan yi sharewar a ƙofar gidan shugaba da ke Birni, waya a buɗe, ambulan a kan tabarma. Ina gayyatarka, Alhaji, ka zo ka ƙirga rasit ɗin da hannunka, kuma idan shafukan nan biyu sun samu, ka taho da su mu haɗa.

Naka,
Mai kula da zaure, Damagaram