Wuta-wuta Ba Ragwancin Manomi Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci ƙwarai da abin da baƙonku ya faɗa a shirin manoma na makon jiya, wai duk gonar da wuta-wuta ta cinye, mai ita ne bai yi noma a kan lokaci ba. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta ci mutuncin mutanen da ke wuni a duƙe da fartanya.

Ni na yi noman farko, na yi maimai, gonata fes babu ciyawa ko ɗaya. Duk da haka dawata ta tsaya cik, ganyen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, yana nannaɗewa kamar ana fari, alhali ƙasa a jiƙe take. Sai daga baya tsiron wuta-wutar ya leƙo. Me zan nome a lokacin da babu abin da ido ke gani?

Ai wuta-wuta ba irin sauran ciyayi ba ce da ke gasar ruwa da taki da amfanin gona. Kaska ce. Ƙwayar irinta ƙanƙanuwa ce, da ƙyar ake ganinta, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Ruwan sama kaɗai ba ya sa ta tsira. Sai ta sha danshi da ɗumi na mako 1 zuwa 2, sannan ta jira wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Da ta ji shi sai ta fashe, ta manne wa saiwar, ta huda ta, ta fara zuƙe ruwa da abinci. A haka take shafe mako 4 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa. Kafin ka ga furen nan mai launin shunayya, aikin gama ya gama.

Abin da ya kamata baƙonku ya gaya wa mutane shi ne, gonar da ta gaji ta fi kamuwa, domin dawar da ke jin yunwar taki ta fi fitar da sinadarin nan. Auduga, gyaɗa da waken suya kuwa suna sa irin ya tsira amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. Cirewa da hannu ma tana da amfani, amma don baɗi: a tuge kafin ta yi iri, a fitar daga gona a ƙona, tunda tushe ɗaya kan zubar da iri dubun dubata. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba a kan wannan.

Sannan don Allah ku daina yanke masu kiran waya saboda talla. Wani dattijo yana tsakiyar tambaya a kan geronsa kuka katse shi, ba ku kuma koma kansa ba.

Naku,
Manomi mai sauraronku