Kuɗin barka ya zame mini abin gori

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya. Daga Gwammaja nake rubuto miki, raina a jagule, don Allah a sakaya sunana.

Ƙanwar maigidana ce ta haihu, tiyata aka yi mata, har yau mijinta bai gama biyan bashin asibiti ba. Da farko na shiga Kantin Kwari da niyyar ɗauko mata turmin atamfa, har na taya. Sai na tuna ɗakinta da na gani ranar da aka sallamo su: turame a jibge kan gado, bahon wanka uku, kayan jarirai iri ɗaya da jaririn zai wuce su kafin ya yi arba'in. Ga magani ba a saya ba, ga itacen wankan jego, ga naman ƙauri. Atamfa kuwa sai an biya tela kafin ta shiga jiki, in ta sayar kuma faɗuwa za ta yi. Shi ya sa na fasa, na ware mata naira dubu 40.

Ni ba baƙuwar wannan harka ba ce. Mahaifiyata ta koya mana a nemi sababbin kuɗi, a sa a ambulan, a keɓe da mutum, a miƙa da hannun dama a ce "ga wannan a sayi sabulu, ba yawa". In babba ne a durƙusa a tura ƙarƙashin darduma. Amma ranar sunan ba ni da ambulan, kuɗin da mai POS ya ba ni duk tsofaffi ne, ɗakin kuma a cike. Na ciro su, na ƙirga don kar a samu kuskure, na ɗora kan cinyar maijegon. Wallahi ba don a gani na yi ba.

Nan take Yaya Babba, wadda dama tunda aka kawo ni gidan ba ta ƙaunata, ta ce, "Mu ba mabarata ba ne, a gidanmu kaya ake kawowa." Ita da ta kawo sabulu sinƙi ɗaya! Na manta ban faɗa ba, lokacin haihuwata maijegon turmi biyu ta kawo mini, wai shi ne ake cewa ban rama biki ba. Maijegon dai ta kira ni da daddare ta yi godiya, har da kuka, ta ce da su aka sayi maganin.

Maigida ya ce laifina ƙirgawar ce a gaban jama'a, da na tura mata ta banki shiru. To Hajiya, kuɗin da suka shiga waya ba wanda ya gani, dangi za su lissafa shi a barka? Ko in haɗa ɗan turmi a gaba don idon mutane, ambulan a ƙarƙashinsa? Wata mai zuwa bikin 'yar Yaya Babba ne, ko in je ma ban yanke ba. Kuma wai ni ce zan fara ba ta haƙuri?

Taki,
wata 'yar'uwa daga Gwammaja