Wasiƙar Iyaye: Hotunan Ciyawa daga Gonar Makaranta

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Da fatan damina ta sauka lafiya a wajenku.

Wasunku sun aiko suna tambaya me ya sa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ke roƙon aron waya ranar Asabar, wai malamin aikin gona ne ya sa su ɗaukar hoton ciyawa. Gaskiya ne, ni na sa su, kuma ga dalilina.

Bara mun yi asara a fegin masarar makaranta. Mako biyu bayan shuka fegin ya rufe da wata siririyar ciyawa, na dube ta daga tsaye na ce harkiya ce, na sa yara suka yi noman firi. Kwana goma ba su cika ba ta dawo kamar ba a taɓa sa fartanya a wurin ba. Sai da na durƙusa na tono guda ɗaya na ga ashe aya-aya ce. Laifina ne. Bana na ce babu mai taɓa fartanya, balle a yi maganar feshi, sai mun san sunan abin da ya tsiro.

Abin da nake so hoton ya fara amsa mana shi ne gidan da ciyawar ta fito, kuma gidajen uku ne. Akwai masu faɗin ganye, irin su tafasa, kashin yawo da zaƙi-banza, waɗanda ke fitowa da 'yan kunnuwa biyu suna kallon juna, jijiyoyin ganyensu kamar raga. Akwai dangin hatsi, irin su harkiya, tuji, ƙarangiya da gyazama, masu fitowa da ganye ɗaya siriri, kararsu da gaɓoɓi. Na ukun su ne dangin aya. A nan mutane ke ruɗewa, domin daga sama kamar dangin hatsi suke.

Shi ya sa hoto ɗaya ba ya isa. Mun koya wa yaran su ɗauki uku na kowane tsiro. Na farko daga sama, tsiron yana wurinsa, da tsinken ashana a gefe don a san girmansa. Na biyu daga gefe, an matso kusa da inda ganye ya haɗu da kara. Na uku kuwa sai an tono shi da wuƙa ko tsinke, ba fizgewa ba, a karkaɗe ƙasar a shimfiɗa shi a kan farar takarda har saiwa ta fito. A ɗauka da safe ko a inuwa, saboda hasken tsakar rana yana shafe gashin ganye da launinsa. Rabin hotunan makon farko mun mayar da su, don yaro ya tsaya nesa ya ɗauko mana gona gaba ɗaya har da akuyar maƙwabta.

Bari in ba ku misalin da muka yi a aji. Wata ɗaliba ta kawo hoton tsiro mai ganye huɗu sirara daga gonar kakarta. A hoton sama, rabin aji suka ce harkiya. Na ce su ƙirga ta fuska nawa ganyen ke fita. Dangin hatsi suna jera ganye ta fuska biyu, dama da hagu, wannan kuwa ta fuska uku yake fita, ga sheƙi kamar an shafa masa mai, babu gashi. Harkiya ganyenta ya fi laushi, ba ya wannan ƙyallin. Hoto na uku ya kashe gardamar, ya nuna aya-aya ce: a ƙasan tsiron ga wani baƙin ƙullutu, daga jikinsa wani zare mai tauri ya miƙe ya tsinke. Wannan zaren yana tafiya ne zuwa wani ƙullutun da ya rage a ƙasa. Da ta kawo tsiron washegari kowa ya murza gindin a yatsa ya ji kusurwa uku, muka fasa ƙullutun aka ji ƙamshinsa.

Sanin haka ya canza aikin. Harkiya daga iri take tsirowa, in aka nome ta tana ƙarama rana ta buge ta, ta mutu. Aya-aya kuwa fartanya kanta kawai take sarewa, kuma tsinke zaren yana tayar da ƙullutan da ke barci, sai su tsiro. Abin da ke rage ta shi ne a riƙa komawa ana nomewa duk mako biyu zuwa uku kafin sabon tsiro ya yi ganye biyar ko shida ya fara tara sabon abinci a ƙasa, a cike gurbin shukar da ba ta fito ba don ba ta son inuwa, sannan da rani a kafce wurin a bar ƙullutan a rana su bushe. Ba aikin damina ɗaya ba ne.

Balasana ma tana da irin wannan wayon. Ganyenta da faɗi, amma da ganye ɗaya take fitowa, jijiyoyinsa a miƙe, kararta cike da ruwa. In aka sare ta aka bar ta a kan kunya aka yi ruwa da dare, kowace gaɓa sai ta sa saiwa. Ita kwashewa ake yi a fitar daga gona.

Ga masu feshi a cikinku, a nan kuɗi ke zubewa. Maganin 2,4-D na masu faɗin ganye ne. Wanda ya fesa shi a kan harkiya ko gyazama ya yi wa ƙasa wanka kawai, in kuma akwai wake, auduga ko tumatir a kusa, ko iska ce ta kai musu sai ganyensu ya murɗe. Gilaifoset kuwa ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai ci, har da masarar. Ku karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, kada ku tsaya ga sunan da mai shago ya kira shi da shi. Ɗalibai dai ba sa riƙe famfon feshi a makarantar nan, muna roƙon a gida ma kada a ba su.

Akwai inda hoto ya gaza, kuma na faɗa wa yaran. Gyazama tana ƙarama tana kama da dawa sosai, sai an lura ko a kan layin shuka take, a kuma duba kaifin gashin da ke kuben ganyenta, mai shiga hannu ya yi ƙaiƙayi. Shibra da gero kuwa ko tsohon manomi yakan jira su girma. Sai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta: kafin ya leƙo sama ya yi makonni yana manne da saiwar dawa ko masara yana tsotsa. Alamar farko a jikin hatsin take, ya tsumbure ya yi yaushi kamar fari alhali ƙasa da danshi. In ya fito a tuge shi kafin ya yi furen nan ja-ja, a fitar a ƙone, domin tushe ɗaya yana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya wuce shekara goma a ƙasa yana jira.

Tafasa da zaƙi-banza da muka cire ba mu zubar ba, masu dafa abincin makaranta sun karɓe su.

Kowane ɗalibi zai kawo hotunan tsiro biyar kafin Juma'ar ƙarshen wata. Wanda babu waya a gidansu ya tono tsiron ya danne shi a cikin tsohon littafi, maki ɗaya ne. A taimaka a raka su gona, a sa musu takalmi saboda maciji da kunama. In kakanni sun san wani sunan da ake kiran ciyawar da shi a garinku, yaro ya rubuto mana shi a ƙarƙashin hoton.

Wassalam.

Malamin aikin gona, a madadin shugaban makaranta