Kada Ka Bar Damaturu da Allura a Ƙasa

Assalamu alaikum ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka na tasha. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, wake ne ya rage a gona. Innarka ta samu saƙon da ka aiko, ta ce Allah ya yi albarka.

Bayan haka, ran kasuwar Shuwarin wani direba ya ja ni gefe ya ce ya ganka a gefen titi gaba da Ngamdu, bayan la'asar, fasinja sun firfito suna tsaye, kai kuma ka hau mashin da galan a hannu. Ban gaya wa innarka ba, kuma ba zan gaya mata ba. Amma tun ranar barcina ya ragu, shi ya sa na sa ƙaninka ya zauna ya rubuta maka wannan, don a waya kana cewa "to Baba" ne kawai ka kashe.

Na san lissafin da ka yi, domin duk sabon direba shi yake yi. Golf ɗinka tankinta lita 55 ne. In ka yi cikakken lodi, mutane a ciki, but ya ƙi rufuwa sai da igiya, ka ɗauka lita ɗaya tana kai ka wajen kilomita 10. Daga Kano zuwa Potiskum wajen kilomita 300 ne, ka ƙona lita 30 ke nan, saura 25. Daga Potiskum zuwa Damaturu wajen 100, daga Damaturu zuwa Maiduguri wajen 135. Ka haɗa, 235, lita 23 da rabi. Sai zuciya ta ce maka ai zai kai, har da ragowa. To ragowar nawa ce? Lita ɗaya da rabi. Wannan lissafin bai san da shingen sojoji ba, inda za ka bi layi injin yana aiki kana matsawa taku-taku. Bai san da iskar hunturu da ke dukan gaban mota in ka fuskanci gabas ba, bai san da tayar da iskarta ta ragu ba, kuma bai san ko wanda ya zuba maka a Kano ya cika tankin da gaske ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya cinye lita ɗaya da rabin nan tun kafin ka hango Jakana.

Shi kansa kilomita 10 ɗin, kada ka karɓe shi daga bakina. Ka auna motarka da kanka. Ka cika tanki har bakin famfo ya tsaya, ka mai da ƙaramin ma'aunin tafiya sifiri, ka yi tafiyarka da lodin da ka saba. In ka zo sake cikawa, ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. In ka yi 300 ta sha 33, ka san motarka 9 take yi, ba 10 ba, kuma da wannan za ka riƙa lissafi. Allurar tsohuwar mota ba abin jingina ba ce. Takan daɗe a sama kamar ba a taɓa man ba, daga rabi kuma ta gangaro da gudu.

Ga yadda nake so ka riƙa yi, kuma ba shawara nake ba ka a nan ba. Ka bar Kano da tanki cike. Wudil da Azare akwai mai, in ka ga layi babu yawa a Azare ka sha, ba laifi. Amma Potiskum ba a wuce ta. Babban gari ne, matattarar manyan motoci, gidajen mai da yawa, in wannan babu wancan yana da shi. Ka cika a nan. Dalilin da ya sa ban ce ka bari sai Damaturu ba shi ne, wanda ya bari sai gari na ƙarshe ba shi da zaɓi: in ya tarar babu, ko layi ya yi tsawo, ko sabis ya ɗauke tiransifa ta ƙi tafiya, babu wani babban gari a gabansa sai inda za shi. In ka cika a Potiskum, za ka iso Damaturu da wajen lita 45, alhali abin da ya rage maka bai wuce na lita 14 ba. Ƙa'idata ita ce kada ka fita daga Damaturu sai da ninkin abin da hanya take bukata, wato lita 28 zuwa sama, allura a kan rabi ko fiye. Ninkin nan na ranar da za a ce an rufe hanya a gaba kowa ya juya ne. Ka kuma ware kuɗin mai a hannu, a aljihu daban, kada su haɗu da na ciniki.

An ce mini wai kana jira ne ka kai inda ya fi araha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na san kowace lita tana yi wa direba ciwo, ban manta da wannan ba. Amma zauna ka lissafa. A ce bambancin naira 20 ne a lita, ka sha lita 30, naira 600 ka tsira da ita. Nawa ka biya mai mashin ran nan? Nawa ɗan bumburutu ya sayar maka da galan da ya ga ba ka da yadda za ka yi?

Kuma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Hanyar ce. Kai yaro ne a watan Fabrairun 2020, lokacin da matafiya suka iso Auno bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri, suka kwana cikin motocinsu a bakin hanya, aka zo cikin dare aka kashe mutum talatin ko fiye, aka ƙone motoci. Auno fa, ɗana, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba zuwa cikin gari. Mutanen nan ba su yi wa kowa laifi ba, latti kawai suka yi. Kai kuma ka ɗauko 'ya'yan mutane, har da mata da goyo kamar yadda aka gaya mini, ka ajiye su a daji rana tana sunkuyawa, saboda naira ɗari shida. Awa ɗayan da ka ɓatar wajen neman galan, ita ce za ta iya raba ka da ƙofa. Me za ka ce wa iyayensu? Ni me zan ce wa innarka, bayan ni ne na tsaya a gaban baffanka na ce a bar ka ka yi tuƙi, ranar da kowa ya ce a'a? Ban sai da bijimin nan don in zauna ina jiran irin wannan labari ba. Mutane sun ce na cika tsanani a kanku, to a ce. Wanda ya ga abin da na gani a titi ba zai yi wasa da wannan ba.

To in Allah ya ƙaddara allura ta shiga ja kana tsakiyar hanya, abu na farko kada ka yi gudu. Sabon direba in ya tsorata sai ya take totur wai ya isa kafin man ya ƙare, alhali gudu shi ke shanye shi. Ka sa babbar giya, ka riƙe 70 zuwa 80, ƙafa a tsaye wuri guda, ba takawa da saki ba. Ka kashe na'urar sanyi in tana aiki. In ka hango shinge, ka ɗaga ƙafa tun daga nesa ta gangara da kanta, ba ka zo da gudu ka danne birki ba. In layin ya tsaya cak, ka kashe injin. Amma mota tana tafiya kada ka kuskura ka kashe ta wai tanadi: birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, in kuma ka murɗa makulli har ƙarshe sitiyari zai iya kullewa a hannunka.

A irin motarka, in allura ta taɓa ja abin da ya rage wajen lita 7 ne, amma ka yi lissafi da 5, kilomita 50 ke nan. Sai ka tambayi kanka wane gari ne ya fi kusa, na gaba ko na baya. In ka baro Damaturu da kilomita 20 ne ka lura, juyawa za ka yi, ko fasinja sun yi gunaguni. Ka buga wa direban da ya riga ka tashi waya ya gaya maka inda ya ga ana ba da mai yau, ba jiya ba. In ka ji mota ta fara fizga, tana ɗaukewa tana dawowa, musamman a kwana ko hawa, famfo ya fara jan iska ke nan. Kada ka matsa mata. Garin farko da ka tarar da jama'a, ko kusa da jami'an tsaro, nan za ka tsaya da kanka tun ba ta zaɓa maka wurin tsayawa ba. Famfon nan a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, in kana yawan tafiya da busasshen tanki wata rana zai ƙone, kuma ranar ko ka zuba mai ba za ta tashi ba.

In dole ta kai ka wurin 'yan bumburutu, ka sayi wanda zai kai ka gidan mai kawai, ka ɗan ɗora kaɗan. Ka sa ya tsiyaya a farar gora ka ɗaga ta ga haske, ka bar ta ta natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa da layinsa daban. Ka shimfiɗa tsumma mai tsabta a bakin mazurari kafin a juye. In motar ta riga ta mutu, bayan ka zuba ka murɗa makulli fitilu su kawo, ka dakata kaɗan, ka kashe, ka maimaita sau uku ko huɗu famfo ya turo mai, sannan ka tayar. In ka yi ta murzawa ba hutu batir za ka kashe, ka ƙara wa kanka wata wahalar.

Na san za ka ce to bari ka riƙa ɗaukar jarka a but. Ban yarda ba. A wannan hanyar sojoji ba sa wasa da mai ɗauke da fetur a jarka, sai ka kwana kana bayani. Ga zafin rana, ga fasinja mai kunna ashana. Mu mutanen Jigawa da muka ga abin da wutar fetur ta yi a Majiya a 2024 ba sai an gaya mana ba.

Kada ka ga na yi zafi ka ɗauka na yi fushi da kai ne. Wanda ya kawo mini labarin ma ya ce hannunka a sitiyari yana da kyau, ba ka ganganci wajen wuce mota, kuma na ji daɗin haka. Kullum kafin ka tashi ka tambayi shugabannin tasha ƙarfe nawa ake rufe hanya, in lissafi ya nuna ba za ka shiga da rana ba, ka kwana a Damaturu. Duk ranar da za ka bar Damaturu ka yi mini filashin sau ɗaya, in ka shiga Maiduguri ka sake yi, ba sai ka ƙona kati ba.

Innarka ta ce in za ka wuce ran Litinin ka tsaya ka karɓi ƙullin yaji da dakakken gero. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka.